Dalilin da ya sa har yanzu ake fitar da ƙuri'a da ƙwallaye a cikin na'ura

Duk da cewa kwamfuta na iya zaɓo lamba cikin ƙiftawar ido, hukumomin da ke gudanar da manyan ƙuri'un caca a ƙasashe irin su Amurka da Sifaniya suna ci gaba da zuba ƙwallaye masu lamba a cikin tulu mai garai-garai. Dalilin shi ne ana iya ganin ƙwallo, a auna shi, a ajiye shi a matsayin shaida idan gardama ta taso. Abin da ke gudana a cikin manhaja kuwa, sai wanda ya rubuta ta.

Shari'ar Eddie Tipton ta nuna hakan. Shi ne shugaban sashen tsaron bayanai na wata ƙungiyar hukumomin caca ta jihohin Amurka, kuma ya cusa wa kwamfutar zaɓen lamba umarnin da ya ba shi damar hasashen sakamako a wasu ranaku na shekara. An shafe shekaru kafin asirinsa ya tonu, aka yanke masa hukunci a 2017.

Sai dai ƙwallon ma ba ya tsare kansa. A ranar 24 ga Afrilun 1980, a jihar Pennsylvania, an yi amfani da na'urori uku, kowacce da ƙwallaye goma daga 0 zuwa 9, waɗanda iska ke hurawa sama. Masu maguɗi sun ɗura fenti da allura a cikin dukkan ƙwallayen, ban da masu lamba 4 da 6. Masu nauyin suka kasa tashi, sakamakon da zai iya fitowa ya ragu daga 1,000 zuwa takwas kacal. Suka sayi tikitin waɗannan takwas ɗin da yawa, aka kuma fitar da 666 a talabijin kai tsaye. Masu kallo ba su ga komai ba. Yawan kuɗin da aka zuba a kan lambobi takwas ɗin ne ya jawo zargi, daga bisani aka ɗaure mai gabatar da shirin, Nick Perry.

Matakan binciken da ake bi a yau suna toshe irin wannan ɓaraka ce. Ana ajiye na'urori da jerin ƙwallaye fiye da ɗaya a ɗakin da aka kulle da hatimi mai lamba, kuma sai dab da lokaci ake zaɓar waɗanda za a yi aiki da su, ta hanyar wata ƙuri'ar. Mai bincike daga kamfanin akanta mai zaman kansa yana duba hatimin, ya shaida awon ƙwallaye da gwajin da ake yi kafin a fara, kyamara na ɗauka.

Gwajin yana da iyaka. Zai kama maguɗi irin na Pennsylvania nan take, amma ɗan bambancin nauyi ba ya bayyana a gwaji kaɗan, shi ya sa ake dogara da sikeli da nazarin sakamakon da aka tara na tsawon lokaci.