Kafin ka ce dabararka ta mutu, buɗe littafin cinikinka

1/ Ra'ayina kan 'yan tiredin fores da kirifto: da yawa suna jefar da dabara mai rai saboda asara biyar a jere, wasu kuma suna rungume da matacciya har akawun ya ƙone. Matsalar ɗaya ce. Ba su rubuta iyakar da za su jure ba kafin su sa kuɗin gaske.

2/ Bari mu yi misali da lamba. Ka gwada dabararka a tsofaffin farashi, abin da muke kira baktes, ciniki 300. Ka ci kashi 40 cikin 100. Mu kira kuɗin da kake kasadarsa a kowane ciniki R, a ce dala 10. In ka ci, ribarka 2R ce. In ka faɗi, asararka 1R ce.

3/ Lissafin ke nan:

```
0.40 × 2R − 0.60 × 1R = +0.2R
```

Wato a matsakaici kowane ciniki yana kawo dala 2. Wannan shi ne alkawarin da baktes ya yi maka, kuma da shi za ka riƙa auna littafin cinikinka.

4/ Mu fara da asara a jere, tunda ita ke tayar wa mutane hankali. Dabarar da take faɗuwa sau 60 cikin 100, asara 8 ko 9 a jere cikin ciniki 300 ba abin mamaki ba ne. Haka ɗabi'arta take. In ka kashe ta a faɗuwa ta shida, tsoro ne ya yanke hukunci.

5/ To yaya ake sa iyaka? Yawan cinka zai riƙa yawo sama da ƙasa ko da dabarar lafiyarta ƙalau. Ga yadda ake kimanta yawon:

```
√(0.40 × 0.60 ÷ 50) ≈ 0.07
```

Ninka biyu, ka samu maki 14. Ke nan a ciniki 50 na gaske, cin 13 zuwa 27 duk yana cikin iyaka. A ciniki 100, iyakar ta matse zuwa 30 da 50.

6/ Amma ku lura da wani abu. Mai ribar 2R yana buƙatar cin kashi 33 kafin ya fita ba riba ba asara. Kuma 33 ɗin tana zaune a cikin iyakar nan! Ma'ana ciniki 50 ba za su iya rarrabe maka dabara mai lafiya da wadda ta daina biya ba. Yawan ci mai jinkirin ba da labari ne.

7/ Shi ya sa na fi sa ido kan girman riba da girman asara. A ce bayan ciniki 50 ka ci 20, kashi 40 cif. Kana murna. Amma littafi ya nuna matsakaicin ribarka 1.6R, asararka 1.1R.

```
0.40 × 1.6R − 0.60 × 1.1R = −0.02R
```

Ribar ta tafi, yawan cin bai motsa ba.

8/ Ina ta zurare? Tazarar farashin saye da sayarwa tana buɗewa lokacin manyan labarai. Odar tsayar da asara tana cika a farashin da ya fi wanda ka sa muni. Ko kuma hannunka ne ke rufe ciniki da wuri don kada riba ta gudu. Don haka a kowane ciniki rubuta farashin da dabara ta ce, da wanda ka samu.

9/ Ga gwajin da ke raba gardama. Sake yin baktes a kan watannin da ka yi tiredin na gaske, misali a Strategy Tester na MetaTrader, sai ka jera cinikin ɗaya bayan ɗaya. In baktes ya ci riba kai ka faɗi, gyara yana wajen kuɗin ciniki ko hannunka. In ku biyun kun faɗi har kun fita iyaka, a nan ne za a fara zargin dabarar kanta.

10/ Wani zai ce jiran ciniki 100 tsada ne. Gaskiya ne, shi ya sa ake sa birki. In mafi zurfin faɗuwar baktes 12R ce, shawarata ka rage girman ciniki zuwa rabi a 12R, ka tsaya cak a 18R. Wannan zaɓi ne, ba doka ba. Na bar sarari ne saboda baktes hanya ɗaya tak ya gani, gaba tana iya fin ta muni.

11/ Sharaɗin kawai: rubuta lambobin nan kafin cinikin farko, kuma kada ka taɓa su ranar da kake cikin asara. Duba su duk bayan ciniki 25. In kuma ka canza ƙa'idar shiga ko fita, sabuwar dabara ce, ƙirgen ya koma sifili.