Sakkwato: Yadda tallar aiki ke kore masu buƙata ta musamman tun kafin ranar intabiyu

A watan Janairun 2019 ne marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar haramta nuna wariya ga masu buƙata ta musamman. Sashe na 29 ya ce hukumomin gwamnati su yi iya ƙoƙarinsu su ba su aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Sai dai dokar ba ta faɗi yadda za a rubuta sanarwar ɗaukar ma'aikata ba, kuma a nan ne ake zubar da yawancin masu neman.

Sakkwato ba ta rasa waɗanda suka cancanta ba. Makarantar A.A. Raji ta daɗe tana koyar da makafi da kurame, wasunsu kuma sun wuce manyan makarantu irin su Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari. Abin dubawa shi ne abin da suke tararwa idan sun fito da takardunsu.

A ɗauki misalin ofishin da ke neman ma'aikacin da zai riƙa shigar da bayanai a kwamfuta. An saba tsara sanarwar a matsayin hoto, a watsa ta a WhatsApp. Makaho yana sarrafa wayarsa ne da manhajar da ke karanta masa rubutu da murya, kamar TalkBack, amma ba a dogara da ita wajen karanta rubutun da ke cikin hoto. Maganin bai kai na naira ɗaya ba: a tura sanarwar da rubutu zalla tare da hoton. Idan kuma aka ce mai sha'awa ya kira lamba kaza, an rufe wa kurma ƙofa ke nan, sai in an ƙara cewa ana karɓar saƙon tes ko imel.

Babbar matsalar tana cikin sharuɗɗa. Sau da yawa akan ga "dole ya kasance mai cikakkiyar lafiyar jiki", jumlar da ake kwafowa daga tsohuwar talla ba tare da an tambayi amfaninta ba. Me ya haɗa ƙafa da buga lambobi a Excel? Wanda shan inna ya taɓa, idan ya karanta wannan, ba zai ɓata kuɗin hoto da na kwafin takardu ba. Ofishin kuma zai ce babu mai buƙata ta musamman da ya nema, alhali shi ya kore su.

Gyaran shi ne a rubuta aikin, a bar jikin mai yinsa. A ce ma'aikacin zai shigar da takardu kimanin kaza a rana, zai haɗa rahoton mako, zai amsa tambayoyin sauran sassa. Idan da gaske aikin na buƙatar ɗaukar kaya ko tuƙi, a faɗi nauyin kayan da sau nawa za a yi tafiyar, mutum ya auna kansa. Haka ma sharaɗin "kyan fasali" da ake sa wa guraben karɓar baƙi. A garin da ke da asibitin cutar noma, inda ake yi wa waɗanda cutar ta ci wa fuska tiyata, kowa ya san wanda wannan sharaɗi ke cirewa.

Sai ranar ganawa. Wa'adin shekara biyar da dokar ta bayar na gyara gine-ginen jama'a ya cika a Janairun 2024, amma har yanzu matakala ce ke tarbar mutum a ofisoshi da dama. Ba sai an jira kwangila ba: kwamiti ya sauko ɗakin ƙasa. Ɗaukar mutum da kekensa a hau da shi bene a gaban abokan takararsa ba taimako ba ne. Takardar gayyata ma ta ƙunshi layi ɗaya da ke tambayar ko mai neman yana buƙatar wani tanadi, kamar mai fassarar maganar hannu, ko ƙarin lokaci, ko a karanta masa tambayoyi. Hukumar JAMB ta nuna hakan mai yiwuwa ne, domin tun 2017 take da shiri na musamman da makafi ke rubuta jarabawarta.

A cikin ɗakin kuwa, tausayi ya fi ƙiyayya ɓarna. "Yaushe wannan lalura ta same ka?" ko "Wa zai riƙa kawo ka?" tambayoyi ne da ke cinye mintunan da wasu ke amfani da su wajen nuna ƙwarewa. Kwamiti ya rubuta tambayoyinsa da makin kowacce tun kafin a fara, ya yi wa kowa iri ɗaya, sannan ya ba da gwaji na zahiri: ga takardu goma, a shigar da su. Idan an zo da mai fassara, a dubi mai neman aikin a yi magana da shi kai tsaye.

Ofishin da ke son sanin inda yake zubar da mutane, ya ƙirga su a matakai uku: waɗanda suka nema, waɗanda aka gayyata, da waɗanda aka ɗauka. Idan babu su tun a matakin farko, a koma kan tallar. Idan sun nema amma ba a gayyace su ba, sai a binciki teburin tantance takardu.