Cokali Biyu da Ƙwayar Maigida

Ƙarfe biyun dare jikin yaro ya yi rau da zafi, kemis kuma a rufe. Uwa ta lalubo farasitamol ɗin maigida, ta ɓalli rabi, ta murƙushe tsakanin cokali biyu, ta ɗiga ruwa, ta ɗura masa. Ba wanda zai kira wannan sakaci, sai dai lissafin bai fita ba.

Ƙwayar manya miligiram 500 ce. Shi kuwa yaro da nauyinsa ake auna masa, miligiram 15 a kowane kilo. Ɗan shekara guda mai kilo 10 rabonsa 150 ke nan, amma an ba shi 250. Sau ɗaya ba lallai ya yi ɓarna ba. Inda gizo ke saƙar shi ne a yi ta maimaitawa kwana da kwanaki, a kuma haɗa da maganin mura wanda shi ma da farasitamol a cikinsa. Hanta ce ke shan wahalar, kuma ba ta kuka da wuri: sai an kwana biyu ko uku amai ya tsananta, idanu su yi rawaya. Da na ruwa aka samu, mai miligiram 120 a mililita 5, da mililita 6 a sirinji ta wadatar.

Wannan ma mai sauƙi ne, domin farasitamol na dakuwa. Akwai waɗanda dakawar ce ke mai da su guba.

A dubi kwali. Duk wanda aka rubuta wa SR, XR, CR, MR ko Retard an gina shi ne ya riƙa sakin magani kaɗan-kaɗan na awa 12 ko 24. In aka daka, abin yini guda ya afka cikin jini lokaci ɗaya. Nifedifin na hawan jini zai iya kayar da jini warwas, tiramadol kuma ya danne numfashi. Masu harafin EC, irin su dikilofenak da omefrazol, riga aka sa musu don kada su narke sai sun wuce ciki. A tuɓe ta, na farko ya ƙara gurzar ciki, na biyu kuma ruwan ciki ya kashe ƙarfinsa.

Asfirin kuwa, a daka ko kar a daka, ba na ɗan ƙasa da shekara 16 ba ne sai da umarnin likita, saboda wata cuta da ke kumbura ƙwaƙwalwa ta lalata hanta. Haka kodin ga ɗan ƙasa da 12.

Abin haushi, ƙwayoyin da aka yi domin yara suna nan, tambayarsu ce ba a yi. Amokisilin da zinki masu harafin DT cikin cokalin ruwa ko nonon uwa suke narkewa da kansu. Maganin zazzaɓin cizon sauro ma akwai na yara mai lamba 20/120, alhali na manya mai 80/480 ya ninka shi sau huɗu.