Ɗan Ci-rani a Gadon Asibiti: Saƙon da Ke Kare Albashinsa

Matasan Ajingi da Gaya da ke aiki a kamfanonin Saudiyya sukan fara kiran gida idan aka kwantar da su a asibiti. Hakan daidai ne, amma akwai wani saƙo da bai kamata ya kwana ba: rubutacciyar sanarwa zuwa ga kamfani.

Dalili kuwa yana cikin dokar ƙwadago ta ƙasar. Sashe na 80 ya ba kamfani damar sallamar wanda ya yi fashin aiki fiye da kwana 15 a jere ba tare da uzuri ba, bayan an yi masa gargaɗi a rubuce. Sashe na 82 kuma ya hana a kori ma'aikaci saboda ciwo kafin ya ƙare hutun jinyarsa. Abin da ke raba mai fashi da mai jinya shi ne rahoton likita da ya isa ofis. Saboda haka saƙon ya faɗi sunan asibitin, da ranar kwanciya, da kwanakin da likita ya ƙiyasta. A roƙi asibitin ya shigar da hutun a na'ura, har ya bayyana a manhajar Sehhaty.

Tambaya ta farko a saƙon ita ce albashi. Sashe na 117 ya tanadi kwana 30 da cikakken albashi, sai kwana 60 da kashi uku cikin huɗu, sannan kwana 30 babu biya, duk a shekara guda da ake ƙirgawa daga ranar hutun farko. Magini mai ɗaukar riyal 2,000 a wata, idan ya yi wata huɗu yana jinya, zai karɓi 2,000, sai 1,500 sau biyu, a wata na huɗu kuwa ba ko sisi. Iyalin da ke jiran aike a Ajingi ya kamata su san wannan lissafi tun da wuri.

Tambaya ta biyu ita ce inshora. Wajibi ne kamfani ya yi wa ma'aikacinsa inshorar lafiya, sai dai kowace inshora tana da jerin asibitocinta. A tambayi sunan kamfanin inshorar, da ko asibitin yana cikin jerin, da ko an amince da kwanciyar. In kuwa a bakin aiki aka ji rauni, a faɗi haka ƙarara cikin kwana 7, domin wannan yana ƙarƙashin hukumar GOSI, mai tsarin biya na daban.

Wannan tanadi yana da iyaka. 'Yan aikin gida da direbobin iyali suna da ƙa'idarsu dabam, kuma hutun jinyarsu kwana 30 ne kacal. Wanda ya shiga da bizar Umara ya maƙale babu iƙama, ba shi da inshorar aiki, kuma da wuya ya iya neman haƙƙinsa. Iyaye su tambayi irin bizar kafin su sayar da gona.