CIWON KWIƁI: A DUBA ZAZZAƁI KAFIN A JIƘA MAGANI



Da zarar zafin bazara ya kankama a Babura, Kazaure, Roni da Gwiwa, sai ka ji ana ta kukan ciwon kwiɓi. Abin da nake ganin kuskure ne shi ne yadda muke kiran kowane irinsa "sanyi", mu jiƙa magani ɗaya. Alhali ciwo biyu ne, kuma zazzaɓi ne babban abin da ke raba su.

*Tsakuwar ƙoda* tana murɗawa ne ta saki, ta sake dawowa. Ciwon yakan faro daga kwiɓi ɗaya, ya gangaro mara har matsematsi, ga namiji har maraina. Dalili kuwa, tsakuwar ta maƙale ne a siririyar hanyar da ke kai fitsari mafitsara, hanyar tana matsawa don ta turo ta. Mai ciwon ba ya iya zama wuri ɗaya, yana juyi, ga amai, wani lokaci da jini a fitsari. Amma jikinsa ba zafi.

*Ƙwayoyin cuta a ƙoda* kuwa ciwonsu a tsaye yake, ba ya saki. Akwai zazzaɓi da rawar ɗari, sau da yawa fitsari na zafi ko ya yi gurɓi-gurɓi. Ya fi kama mata, kuma a nan ne ake ruɗewa a ce maleriya ce.

A ce maigida ya dawo daga kasuwa yana murɗawar nan, ba zazzaɓi, fitsari na fita. To ya je Babban Asibitin Babura a yi masa gwajin fitsari da sikanin. In tsakuwar ba ta kai milimita 5 ba, galibi takan fita da kanta cikin 'yan makonni. In ta haura milimita 10, da wuya ta fita sai likita ya sa hannu. Amma in a daren nan jikinsa ya ɗau zafi har da rawar ɗari, kada a jira gari ya waye. Ƙoda ta toshe ga ƙwayoyin cuta a bayan toshiyar, suna iya shiga jini su yi kisa. Haka ma in fitsari ya tsaya, ko amai ya hana shan ruwa, ko mai ciki ce, ko mai ciwon suga.

Zuma da habbatus sauda suna da albarka, amma ba sa buɗe ƙodar da ta toshe. Kuma kada a dinga sayen diklofenak a kyamis ana sha barkatai, domin yana cutar da mai olsa, mai ciki da mai raunin ƙoda.

Rigakafin tsakuwa: a rage gishiri, a sha ruwa kamar lita 3 a rana, wato leda shida ta fiya wata, har fitsari ya yi fari. Mai azumi ya raba shi tsakanin buɗa-baki da sahur. Wanda ciwo ya kayar kuwa, shari'a ta yi masa rangwame ya sha ya rama.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. A tura wa 'yan uwa.