Tsufa kaɗai ba ya sa tambur tsada

Akwai wani zance da ke yawo a wayoyin mutane daga Dogon Dutsi zuwa Kiyeshe da Tibiri, wai duk mai tsohon tambur na zamanin Nasara a cikin adakar kakansa ya taka arziki. Ana turo hoton kan sarki da adadin kuɗin da wai aka saye shi a Turai, sai ka ga magidanci ya zazzage akwatin wasiƙun da mahaifinsa ya riƙa aikowa daga ci-rani yana ɓamɓare tambur da farce. Wannan zance ƙarya ce, kuma ɓarnarta biyu: tana sa marar komai mafarkin miliyoyi, tana sa mai abin kirki ya lalata shi da hannunsa.

Masu wannan sana'a ba su tambayar shekarun tambur. Suna da kundin farashi, Yvert et Tellier ga ƙasashen da Faransa ta mallaka, Stanley Gibbons ga na Ingila, kowane tambur da lambarsa da kuɗinsa. Kafin ka san layin da naka ya faɗa, sai ka duba haƙoransa, da tambarin da ke ɓoye cikin takardarsa, sannan lafiyarsa.

Haƙora su ne ƙananan tsinin da ke gefen tambur, inda aka huda takarda don ta yagu cikin sauƙi. Ana ƙirga su ne a tsawon santimita 2, bisa tsarin da wani likita Bafaranshe, Jacques Legrand, ya fito da shi a 1866. Idan kundi ya ce 13 × 11½, yana nufin haƙora 13 a santimita 2 na sama da ƙasa, 11 da rabi a na gefe.

Ga misalin da zai iya fitowa daga gidan Ba'are, tun da Arewa da ƙasar Kabi ba su taɓa daina hulɗa ba. A 1938 Nijeriya ta fitar da kan sarki na sule biyar, baƙi da ruwan lemo, da hoton Sarki Joji na Shida da kogin Kwara a Jeba. Bugun farko haƙoransa 13 × 11½ ne. Daga 1942 zuwa gaba aka sake buga shi da haƙora 13½, da 14, da 12. Hoto ɗaya ne, launi kusan ɗaya, amma a kundin Gibbons sabon bugun farko ya ninka na baya sau da yawa. Ka ɗora rula a gefensa ka ƙirga: in gefe ya ba ka 11 da rabi, sama ta ba ka 13, kana riƙe da na 1938. In sama da gefe sun zo daidai da juna, na baya ne, wanda ya cika kasuwa. Dillalin da ya ce maka duk ɗaya ne, ko dai bai san aikinsa ba, ko ya sani yana so ya saye naka a kuɗin na baya.

Tambarin ɓoye kuwa irin hoton nan ne da kake gani in ka ɗaga takardar kuɗi ga haske. Tun wurin yin takardar ake saka shi. Kan sarkin Arewacin Nijeriya mai hoton Sarki Edward na Bakwai ya fito a 1902 da kambi ɗaya da haruffan CA sau ɗaya a kowane tambur. Daga 1905 aka koma takarda mai kambi da CA barkatai, wasu cikakku wasu gefe ya yanke su. Fuska ba ta canja ba, amma kundi ya raba su, kowanne da lambarsa da farashinsa. A irin takarda ta biyun ne aka buga na fam 25 a 1904, wanda yau ake maganar dubban fam a kansa, kuma ƙarancinsa ne ya ja masa kuɗin, domin ba kowa ke da fam 25 ba a lokacin. Ana ganin tambarin ne in an kifa tambur a baƙin faranti aka ɗiga masa man nan mai saurin bushewa da ake zuba wa ƙyastu. Kada a sa ruwa. An buga waɗannan da tawada mai zuba da gangan don kada a wanke hatimi a sake amfani da su, ruwa na taɓa su shunayya da koren su dishe.

A nan ne ya kamata mu 'yan Nijar mu buɗe ido. Tambur ɗinmu na zamanin Faransa, irin mai raƙumi da aka buga wa TERRITOIRE DU NIGER a 1921, da na 1926 masu hoton rijiya da kwalekwale da ganuwar sojan Damagaram, ba su da tambarin ɓoye ko kaɗan. Duk wanda ya ce ya ga tambari a cikinsu don ya tsuga maka kuɗi, ka riƙe aljihunka. Yawancin ƙananansu an buga su da yawa, masu tarawa a Faransa sun adana su sababbi ful, shi ya sa kuɗinsu bai taka kara ya karya ba duk da sun kai shekara ɗari.

Saura lafiya, kuma ita ce ke kashe yawancin namu. Farashin kundi na tambur ne marar aibi: haƙora cikakku, hoto a tsakiya, launi garau. Yvert na sa  ** ga sabo wanda ƙaron bayansa bai taɓu ba, * ga wanda aka taɓa liƙa masa 'yar takarda don maƙala shi a littafi, kuma wannan ɗan tabon kaɗai na iya zabtare rabin kuɗi. To ina ga wanda ya yi damina sittin a ɗakin ƙasa? Danshi na sa masa ɗigon tsatsa, rana na cinye ja, gara ta ci gefe, farce ya kankare bayansa har takarda ta yi sirara, abin da ake gani da zarar an ɗaga shi ga haske. A ce kundi ya rubuta jaka ashirin. Mai saye ba zai biya wannan ba ko da tambur lafiya lau yake, domin shi ma riba yake nema, kuma kundi ma'aunin kwatance ne kawai. In haƙori biyu sun karye kuma ga tsatsa, ka gode Allah in an taya jaka ɗaya. In ya yage, ko an rufe shi da ledar nan ta zafi da ake yi wa takardun shaida, ya tashi aiki.

Za a ce ai wannan dabarar Turawa ce ta karya farashin kayanmu. Ba haka ba ne, don da wannan ma'aunin suke auna nasu. Mu ma a kasuwar dabbobi ba ma sayen sa sai mun buɗe bakinsa mun duba haƙora, kuma ba wanda ya ce an zalunci mai sa.

Abin da ya fi ciwo shi ne ɓamɓarewar. Tambur na raƙumi ko na ganuwa akwai dubbansa a Faris, amma ambulan cikakkiya mai hatimin gidan wayar Dogon Dutsi na zamanin mulkin mallaka, da kwanan wata da adireshi, ba a samunta ko'ina, kuma masu tara tarihin gidan waya sukan biya ta fiye da tambur ɗin da ke kanta. Wanda ya yage ta ya jefar da abin da ke da kuɗin, ya kuma jefar da shaidar inda kakansa ya je da shekarar da ya aiko gida.

Saboda haka a bar wasiƙa yadda take, a sa ta tsakanin farar takarda busasshiya, nesa da bango da rana, a ɗauki tambur da hantsaki marar kaifi. In dillali ya zo, a tambaye shi lambar kundi, da yawan haƙora, da irin tambarin da ya gani. Wanda ya kasa amsa waɗannan uku, a mayar da wasiƙu adaka a kulle.