Hoton takarda ba sanarwa ba ne ga wanda ba ya gani

Yau da masu kula da shafukan intanet na ma'aikatu da ƙungiyoyi nike, kuma ba lallashi na zo yi ba.

Ina da wani aboki makaho nan Maradi, ya yi karatunsa, yana aiki da salula fiye da yawancinmu. Kwanan baya wata ma'aikata ta fidda sanarwar ɗaukar aiki a shafinta. Me suka yi? Suka buga takarda, shugaba ya sa hannu, aka danna hatimi, aka ɗauki hotonta da waya, aka liƙa. Abokina ya shiga shafin, wayarsa ta ce masa akwai hoto, ta yi shiru. Kafin ya samu mai karanta masa, ranar rufe ajiyar takardu ta wuce.

Ga yadda abin yake. Makaho yana amfani da manhaja mai karanta allo da murya: TalkBack a wayar Android, VoiceOver a iPhone, NVDA a kwamfuta, wadda ma kyauta ce. Yana shafa yatsa zuwa dama, murya tana faɗa masa abin da ya iske. Amma haruffan da aka rubuta cikin shafi take karantawa. Haruffan da ke cikin hoto, gare ta zane ne kawai.

Wani zai ce ai wayoyin yanzu suna iya tsamo rubutu daga hoto. Gaskiya ne, wasu suna yi. To amma hoton da aka ɗauka a karkace, da inuwar hannu, hatimi ya hau kan kwanan wata? Sai 8 ta koma 3, mutum ya tafi ranar da ba ita ba. Kuma ba kowa ke riƙe da sabuwar waya ba.

Maganin bai cin ko dala. Sanarwar nan a kwamfuta aka buga ta, rubutun yana hannun sakatare. A kwafo shi a sa cikin shafi: wane aiki, waɗanne takardu, ina za a kai, wace rana. In ana son hoton don a ga hatimi, a sa shi, amma a ba shi gajeren bayani a wurin da ake kira `alt`:

```html
<img src="sanarwa.jpg" alt="Sanarwar ɗaukar aiki mai hatimi, cikakken rubutu yana ƙasa">
```

Kar a cusa sanarwa duka cikin `alt`, jimla guda ta isa. Kar kuma a rubuta "hoto" kawai, wannan murya ta riga ta faɗa.

Na biyu, maɓallai da guraben cikewa. Ka sa ƴar kibiya a matsayin maɓallin aikawa, ba suna. Mai ido ya gane, makaho kuwa murya ta ce masa maɓalli ne, ba ta ce na mene ne ba. Na aikawa ne ko na gogewa? Haka gurbin suna da na lambar waya: kowane yana buƙatar `label` nasa, in ba haka ba mutum bai san abin da zai rubuta ba.

Na uku, masu raunin gani, irin dattawanmu masu yanar ido. Ƙa'idar WCAG ta ce bambancin haske tsakanin ƙananan haruffa da bayansu ya kai 4,5 bisa 1, kuma a iya ƙara girman rubutu ninki biyu ba tare da wani abu ya ɓace ba. Tokan nan `#999999` da masu zane ke so a kan fari bai kai 3 ba. Ka fita da shi cikin ranar Tahoua, ko mai lafiyar ido sai ya runtse.

Masu cewa makafi ba su shiga intanet, ku ji tsoron Allah. Kun rufe ƙofa, sannan kuna cewa ba mai shigowa. Kuma wannan ba sadaka ba ce, haƙƙi ne: Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu tun 2008, kuma sashe na 9 ya ambaci samun bayanai har ta intanet.

Ga gwaji ga duk mai shafi. Shiga Paramètres, sai Accessibilité, kunna TalkBack. Rufe idonka. Shafa dama don ci gaba, taɓa sau biyu don buɗewa. Nemo ranar rufe sanarwarka ta ƙarshe. In minti biyar suka wuce ba ka ji ta ba, to abokina ma bai ji ba, kuma shi ba zai buɗe ido ya duba ba. Gyara kafin ka sa ta gaba.